Yadda na sauya adireshin kai kaya bayan na riga na biya kuɗi

Ranar Talata da daddare, wajen ƙarfe 9, na yi odar atamfa turmi huɗu a wurin wata Hajiya mai shago a Kantin Kwari da ke Kano. Duk cinikin a WhatsApp muka yi shi. Turmi ɗaya naira 18,500, huɗu sun tashi 74,000. Ta ce kuɗin mota zuwa tashar Kawo a Kaduna 4,000 ne, ɗan mashin da zai ɗauka daga tasha ya kawo har ƙofar gida kuma 2,500. Na tura 80,500 gaba ɗaya, na aika mata da hoton rasit, na rubuta suna da lambar waya da unguwa da kwatance. Ta amsa da cewa alat ya shigo, gobe in sha Allahu kaya za su tafi. Washegari da safe, ƙarfe 9 da rabi, sai ta tabbata cewa a Zariya ake bukatar kayan, a hannun ƙanwata da ke Samaru, don telan da zai ɗinka su a can yake. A raina na ce ai abu ya zo da sauƙi. Motar da ta tashi daga Kano za ta je Kaduna dole ta ratsa ta Zariya, hanyar ma ta ragu. Ban san adireshin da na bayar daren jiya ya riga ya fita daga wayar Hajiya ya shiga wasu wurare ba.

Abin da na fara yi shi ne kuskuren da ya ci min kusan awa biyu. Na danna na yi mata saƙon murya. Na yi sallama, na tambayi gida da yara da kasuwa, sannan a can ƙarshe na ce don Allah kayan nan a kai su Zariya maimakon Kaduna, zan turo lamba. Saƙon ya kai minti ɗaya da rabi. Ya shiga, alama biyu ta fito, amma ba ta koma shuɗi ba. Na zauna ina kallon waya har ƙarfe 11. Daga baya na gane abin da ya faru. Mai sayar da kaya a waya tana tashi ne ta tarar da saƙonni jibge, kuma ido ke fara zaɓa mata. Wanda ya rubuta "nawa ne wannan" ko ya turo rasit, shi ake fara buɗewa, domin ana ganin abin da yake so tun daga waje. Saƙon murya daga wadda ta riga ta biya, ba a ɗauke shi da gaggawa, ana zaton godiya ce ko tambayar yaushe kaya za su iso. A cikin hayaniyar kasuwa ma sai an kara waya a kunne. Ko an saurara, ba a iya kwafe lamba daga murya a tura wa yaron shago ba tare da an sake saurara ana rubutawa ba, kuma a nan ne lamba guda cikin goma sha ɗaya take ɓacewa.

Na kuma yi tunanin in koma kan saƙon adireshin na daren jiya in gyara shi. Hakan bai yiwu ba, don WhatsApp minti 15 kawai yake bayarwa a gyara saƙo bayan an tura. Gara ma da bai yiwu ba. Gyaran saƙo ba ya buga wa ɗaya ɓangaren ƙararrawa kamar sabon saƙo. Da na gyara, da na kwanta da raina cewa na sanar, alhali Hajiya ta riga ta kwafe tsohon tun jiya ba za ta sake waiwayarsa ba.

Ƙarfe 11 da ƴan mintuna na kira lambar shago da ke jikin tallarta. Yaron shago ne ya ɗauka. Na gaishe shi, na faɗi sunana, na ce ni ce mai atamfa huɗu ta Kaduna. Ya ce, "Hajiya, kayanki ai an ɗaure su tun da safe, suna nan a cikin na tasha. Sha biyu da rabi ɗan aike zai zo." Na ce ina so a mayar da su Zariya. Ya ce shi ba ya canza komai sai Hajiya ta ce, in yi mata magana. Na so in ji haushi, amma yaron yana da gaskiya. Daga bakinsa na fahimci yadda tsarin yake. Da daddare Hajiya take tattara odar da aka biya ta tura masa jeri guda. Da safe ya yanke, ya sa a leda, ya naɗe da salatif, ya ɗauki maka ya rubuta suna da gari da lambar waya a jiki. Sannan ya ware kayan tari-tari bisa tashar da za a kai su. Adireshina a wannan lokacin yana wuri uku: cikin hirarmu da Hajiya, cikin jerin da ke wayar yaro, da jikin ledar kanta. Da ɗan aike ya kai tasha zai zama wuri biyar, domin ƴan kamasho za su shigar a littafinsu, direba kuma zai riƙe lambar wanda zai kira. Ni kuwa wuri ɗaya kaɗai nake ta fama da shi, wanda kuma shi ne mafi nisa da kayan.

Sai na zauna na rubuta saƙo guda, na tura daga lambar da na yi oda da ita, ƙarfe 11 da minti 20. Ga abin da na rubuta, sai dai na cire sunaye da lambobi:

"Canjin adireshi, don Allah kafin kaya su fita. Salamu alaikum Hajiya. Ni ce wance, wadda ta biya 80,500 jiya Talata da daddare, atamfa turmi huɗu. Ga rasit na sake turowa. Kada a kai Kaduna, tashar Kawo. A kai Zariya, a sauke a Kwangila. Mai karɓa ƙanwata ce wance, lambarta kaza, idan ba a same ta ba a kira ni a wannan lambar. Ita za ta je da kanta, ba a bukatar ɗan mashin. In akwai ƙarin kuɗi ki faɗa min in turo yanzu. Don Allah in an gyara rubutun jikin ledar a turo min hoto. Ki yi haƙuri da ɗawainiya, na gode."

Kowane layi a ciki yana da aikin da yake yi, kuma na lura da haka ne daga yadda aka yi amfani da shi. Na sa bukatar a gaba da sallama, abin da ba mu saba ba, saboda layin farko shi kaɗai ake gani kafin a buɗe saƙo. Sallamar tana nan, ta biyo baya ne kawai. Na faɗi adadin kuɗi da rana domin mai shago ba ta sanin mutum da suna, Maryam ko A'isha nawa ne suka yi oda a mako guda, amma 80,500 ta daren Talata guda ce a cikin alat ɗinta. Na ambaci tsohon wuri tare da sabo, na ce kada a kai can, a kai nan, don yaron da zai nemo ledar a cikin tari da tsohon rubutu zai gane ta. Da na rubuta sabon kawai, sai ya tsaya yana tambayar wacce. Na ba da lamba biyu saboda direba sau ɗaya ko biyu yake kira. Maganar ƙarin kuɗi kuwa na fara kawo ta ne don kada ta tsaya tana lissafin yadda za ta faɗa min. Ban kawo dalilin canjin ba sam, ba labarin tela ba na biki. Ba wanda ya tambaya.

Bayan na tura sai na kira lambarta, na bar ta ta yi ƙara har ta ɗauka. Na ce, "Hajiya, ina wuni, na turo miki saƙo a rubuce kan kayan da za su fita yanzu, don Allah ki duba." Ban yi bayani a wayar ba, na bar rubutun ya yi. Minti goma bayan haka ita ta kira ni. Ta tambaye ni kalar atamfofin da na zaɓa, da sunan da ke kan asusun da aka turo kuɗin. Da na amsa ta ce, "Ki yi haƙuri fa, ba rashin yarda ba ne. Yanzu sai a kwace wa mutum WhatsApp, a zo ana cewa a karkatar da kaya." Wannan tambayar ba ta ɓata min rai ba, ta ma kwantar min da hankali. Canza gari da canza mai karɓa da canza lamba a lokaci guda, shi ne ainihin abin da ɓarawo zai nema. Da a ce ƙanwata ce ta rubuta mata daga lambarta tana cewa yayata ta ce a kawo min, da kowace mai hankali ba za ta saurare ta ba. Duk wanda ya biya, shi zai nemi canji, daga lambar da aka san shi da ita.

Ƙarfe 12 saura minti biyar Hajiya ta tura wa yaron saƙon nawa yadda yake, ba ta sake rubuta komai ba. Sha biyu da kwata hoto ya shigo. An manna sabuwar takarda da salatif, sunan ƙanwata, Zariya Kwangila, da lambarta. Na karanta lambar ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da ta wayata, daidai take. Har na rubuta godiya, sai na lura da gefen ledar a hoton, inda wutsiyar wani baƙin rubutu ta leƙo. Na ce a juya min ɗaya ɓarin. Aka juya, ga KADUNA KAWO da manyan baƙaƙe da tsohuwar lambata, ba a taɓa su ba. Ashe gaba da baya yake rubutawa, don ko ta wane ɓari aka ajiye kaya a iya karantawa, shi kuma gaba kaɗai ya rufe. Da kayan sun tafi haka, duk ɓarin da ya kalli sama a but ɗin mota shi ne adireshi. Na roƙa ya soke tsohon da maka har ya daina karantuwa, ya sake ɗaukar hoto. Ya yi, ko da yake daga gajartar amsarsa na san na fara isarsa.

Ɗan aike bai zo ba sai ƙarfe 1 saura, kuma daga nan aka shiga shiru na kusan awa biyu, wanda shi ne ya fi damuna a duk ranar. Kaya sun bar shago, ba su shiga mota ba, ba wanda zan kira. Wajen ƙarfe 2 da rabi Hajiya ta turo lambar direba da lambar mota, ta ƙara da cewa motar Kaduna aka ba, don ita ce ke kan lodi kuma sauran kayanta duk can za su, an yi magana da shi zai sauke nawa a hanya. Na kira shi nan take. Na ce, "Malam direba, sannu da aiki. Akwai leda ɗaya ta atamfa daga Kwari, ta Zariya ce, Kwangila." Ya ce ya gani, amma an riga an danne ta da buhuna a but, sai an sauke kaya kafin a ciro ta, kuma shi da fasinja yake tafe, ba zai tsaya jira ba. Na ce a ciro ta tun yanzu kafin mota ta cika a sa ta sama, zan ƙara masa 1,000. Ya yarda. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙwace ba. Motar da aka yi wa lodin Kaduna, an shirya kayanta ne don a sauke su gaba ɗaya a wuri ɗaya, tsayawa a tsakiyar hanya ƙarin aiki ne da jin ƙorafin fasinja.

Motar ta tashi ƙarfe 3 da minti 10. Tsakanin Kano da Zariya tafiyar kusan awa biyu ce in hanya lafiya, don haka na ce wa ƙanwata ta kasance a Kwangila tun ƙarfe 5 saura kwata, da waya a hannu da caji, ta kuma ajiye lambar direba don kada ta ga baƙuwar lamba ta ƙi ɗauka. Na tura mata hoton ledar da lambar motar. Na gaya wa direba kalar hijabin da ta sa da gefen titin da take tsaye, hannun masu tafiya Kaduna, kusa da gada. Ya kira ta sau ɗaya yana dab da shigowa gari, ya tsaya, ya miƙo leda ta taga, ta ba shi dubu ɗayan, ya wuce. Tsayuwar ba ta kai minti biyu ba. Da ta makara da minti biyar, da kayan sun kwana a Kaduna da sunan Zariya a jikinsu, ba kuma ɗan mashin da ke jiran su, tunda an soke shi. Wannan ne hatsarin sauke kaya a hanya, ya fi na barinsu su tafi tsohon adireshi. Na ce ta buɗe a wurin ta ƙirga. Huɗu ne, kalolin da na zaɓa.

Da na waiwayi ranar, abin da ya yanke hukunci shi ne inda kayan suke a sa'ar da saƙona ya isa hannun yaron da ke rubutu a jikin leda. Kafin a ɗaure, canji kyauta ne, layi ɗaya ake gogewa a jeri. Bayan an ɗaure amma ba a fita ba, kamar nawa, ana iyawa, sai dai dole a ga hoton kowane ɓari. Masu aika kaya daga kasuwa galibi sau ɗaya suke kai tasha a yini, don haka tambayar da ta kamata mutum ya yi tun ranar oda ita ce, ƙarfe nawa kayanku suke fita. Ranar Juma'a lokacin yakan matso gaba saboda masallaci, saƙon da aka tura ƙarfe 11 yana iya zama ya makara. Kuma da sabon garin nawa ba a kan hanya ɗaya yake ba, a ce Katsina ce ko Maiduguri, da sai an ciro ledar daga wannan tari an kai wani, wataƙila wata tashar daban, da kuɗin mota daban, kuma da wuya ta fita a ranar.

In kaya sun riga sun shiga mota, saƙon canjin adireshi ba shi ne ake bukata ba, domin mai shago ba ta da sauran iko a kansu. Abin da za a nema a wurinta lamba ce: "Hajiya, na san kaya sun tafi. Don Allah turo min lambar direba da lambar mota da lokacin da ta tashi, ki kuma sanar da shi cewa zan kira a kan leda mai suna wance." Wannan sanarwar tata ce ke sa direba ya saurari mutum, don shi amanar wanda ya ba shi kaya ya ɗauka. In sabon wurin yana kan hanya kuma bai wuce ba, a sasanta da shi. In ba haka ba, a bar kayan su isa inda aka rubuta, a sa wani ya karɓa, a yi sabon webil daga can. Kuɗin mota ne sau biyu, amma kowane mataki akwai wanda ya san kayan na hannunsa. A manyan shagunan intanet masu manhaja kuwa, inda na'ura ke buga takardar adireshi, sau da yawa mai kayan ba shi da damar taɓa ta. In ba a fitar da kaya ba, soke odar a sake sabuwa da adireshi daidai ya fi jiran amsar saƙo sauri, muddin ba za a rasa rangwamen da aka samu ba.

Canji a cikin gari ɗaya ya fi sauƙi, amma shi ma yana da tarkonsa. In daga Unguwar Rimi aka mayar zuwa Rigasa, kuɗin ɗan mashin ba zai zama ɗaya ba, kuma shi an riga an tsara masa zagayensa unguwa-unguwa. A rubuta sabon kwatance cikakke: unguwa, layi, abin da kowa ya sani kusa da gidan kamar masallaci ko makaranta ko gidan mai, kalar ƙofa, da lokacin da za a samu mutum a gida. "Gidanmu na can" ko "wajen aikina" ba adireshi ba ne ga wanda bai san ki ba.

Maganar kuɗi ban tayar da ita ba sai da kaya suka shiga hannu. Da daddare na rubuta mata: "Hajiya, kaya sun iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Kuɗin ɗan mashin 2,500 da ba a yi amfani da shi ba, ko a turo ko a riƙe min shi a oda ta gaba, duk wanda ya fi miki sauƙi." Ban nemi ragi a kan 4,000 ɗin mota ba duk da Zariya ta fi kusa, domin motar Kaduna aka biya kuma an riga an bayar. Ta amsa washegari da safe cewa ta rubuta min 2,500 a littafi. Na ɗauki hoton amsar na ajiye tare da rasit. Bayan mako uku da na sake oda a wurinta, sai da na turo mata hoton kafin ta tuna, ta cire kuɗin daga jimilla.